Me ke faruwa da daji idan zaki da damisa suka ƙare?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a nan Kumasi. A darasin sarƙar abinci wani ɗalibina ɗan Aboabo ya ce shi a ganinsa in zaki ya ƙare a daji ai gaba ta kai mu, namun daji za su yi yawa, manoma su huta. Na ce masa ba haka ba ne, amma bayanina bai gamsar da shi ba, ni ma bai gamsar da ni ba. Mene ne ainihin abin da ke faruwa idan aka cire babban mafarauci daga daji, kuma yaya ake tabbatar da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ɗalibin naki ya kama rabin gaskiya, kuma gara ki fara amsa masa da wannan rabin. Idan zaki ya ƙare, lalle wasu dabbobi za su yi yawa. Abin da ya rage a tambaya shi ne waɗanne ne za su yi yawa, me su kuma suke ci, kuma shekara nawa za a ɗauka kafin a gani.

Kalmomi biyu ne ake yawan cakuɗa su a wannan darasi, kuma dukansu daga bakin mutum ɗaya suka fito, Robert Paine, malamin jami'ar Washington a Amurka. A 1963 ya zaɓi wani ɗan fili a kan duwatsun bakin teku a gaɓar Mukkaw, tsawonsa kamar mita 8, faɗinsa mita 2. Halittu iri 15 ne ke zaune a kan dutsen, wasu ganyen ruwa, wasu dodon koɗi, wasu kuma kumba, wato halitta mai ɓawo biyu, dangin adoden da ake kamawa a Ada da Sogakope. Babban mafaraucin wurin wata halitta ce mai hannu biyar kamar tauraro, ana kiranta Pisaster, wadda ke buɗe kumba da ƙarfi ta cinye naman ciki. Paine ya riƙa zuwa da ƙarfen ɓamɓara yana ɓalle taurarin yana jefa su can cikin teku. Kusa da wurin ya bar wani fili bai taɓa shi ba, domin ya samu abin kwatantawa. Cikin shekara guda da 'yan watanni, halittun filin da ya cire wa taurari suka ragu daga iri 15 zuwa 8, kuma da tafiya ta yi tafiya kumba ta shimfiɗe dutsen kusan ita kaɗai. Filin da bai taɓa ba ya zauna yadda yake.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. A kan dutsen nan abin da kowa ke nema shi ne wurin mannewa, kuma kumba ta fi kowa iya ƙwace wuri. Tauraron da ke cinta shi ke buɗe guraben da sauran ke samun zama. Da ya tafi, sai mai ƙarfi ta kori kowa. A 1969 Paine ya ara wa irin wannan halitta suna daga wurin magina, sunan dutsen nan guda ɗaya da ake sokawa a tsakiyar ƙofar da aka gina ta kamar baka. Dutsen bai fi sauran girma ba, amma in aka zare shi ƙofar ta rufto. A Hausa za mu iya cewa jigo. Sharaɗin jigo shi ne tasirinsa ya zarce yawansa nesa ba kusa ba. Ciyawa tana da muhimmanci ƙwarai a dajin arewa, amma ba a kiranta jigo, domin tasirinta daidai yake da yawanta. Kuma matsayin ba na gado ba ne: an sami gaɓoɓin da igiyar ruwa ba ta da ƙarfi, kumba ba ta yawa, inda wannan tauraron yake nan amma cire shi ba ya canza wani abin kirki.

Kalma ta biyu, wadda Paine ya fito da ita a 1980, tana nufin gangarowar tasiri daga saman tsanin ci zuwa ƙasa, hawa bayan hawa, kuma kowane hawa yana juya na samansa. Mafarauci ya ragu, abin da yake ci ya ƙaru, abin da wannan ke ci ya ragu. Sai an sami aƙalla hawa uku kafin a kira shi gangara. In kika rubuta wa ɗalibai alamar ragi a kan zaki, alamar ƙari a hawan da ke ƙasansa, sannan ragi a na uku, kin ba su ƙashin bayan darasin.

Kafin mu zo gida, akwai lissafi ɗaya da ke nuna dalilin da ya sa mafarauci ke saurin ƙarewa. Masana sun auna maciya nama iri-iri a duniya suka ga cewa, a matsakaici, sai an sami dabbobin ci masu nauyin kilo 10,000 a raye a daji kafin su ɗauki nauyin kilo 90 na mafarauci. Zaki mai kilo 150 ke nan yana bukatar kusan tan 17 na nama mai tafiya da ƙafarsa, wanda ke haihuwa yana maye abin da aka ci. In kika auna da maraya mai kilo 70, garke ne na wajen 240 domin zaki ɗaya tak. Shi ya sa ko a daji mai lafiya zakuna kaɗan ne, kuma shi ya sa tarkon waya ke cinsu ta fuska biyu: yana kwashe abincinsu, sannan yana kama su su ma a ƙafa ko a wuya, ko da ba su aka ɗana wa ba.

Misalin da ya fi dacewa da ajinki a nan Ghana yake. Tun ƙarshen shekarun 1960 ma'aikatan hukumar namun daji suke sintiri da ƙafa a gandun dajin ƙasar nan, kowane wata suna rubuta dabbobin da suka gani. Wani masani, Justin Brashares, ya tattara waɗannan littattafai na gandun daji shida na yankin ciyawa, daga 1968 zuwa 2004, ya bi diddigin dabbobi masu shayarwa iri 41. Kusan dukansu raguwa suka yi, wasu ma suka ɓace daga wasu gandayen ɗungum. Zaki da damisa sun ƙare a uku daga cikin shidan. Dabba ɗaya ce ta yi gaba sosai, gwaggon biri. Yawan ganinsa ya ninka fiye da sau uku, ya bazu zuwa wuraren da da ba a ganinsa, kuma ƙaruwar ta fi ƙarfi a gandayen da suka rasa zaki da damisa.

To ga amsar ɗalibinki a fili. Gwanki da kanki da maraya ba su yi yawa ba, domin hannun da ya kashe zaki shi ne kuma ke kashe su. Wanda ya ci ribar shi ne na tsakiya, mai cin komai, wanda ba a faye neman namansa kamar na gada ko gyazbi ba. Gwaggon biri yana cin 'ya'yan itace da saiwa da ƙwari, yana kuma cin nama. Yana kama ɗan gada da ɗan batsiya da uwarsu ta ɓoye cikin ciyawa, yana kama ƙananan birai, yana fasa sheƙar tsuntsu ya shanye ƙwai, musamman masu yi a ƙasa irin zabin daji. Zaki ba ya ɓata lokacinsa a kan ƙwan zabo. Saboda haka tafiyar babban mafarauci ta ƙara wa ƙananan dabbobi yawan masu cinsu, kuma a gandayen da birai suka yi yawa an ga ƙananan birai da ƙananan dabbobi masu kofato suna raguwa da sauri. In babu kuliya ɓera ke sakewa, sai dai wannan ɓeran namijinsa yana haura kilo 20, yana tafiya cikin garke na gommai, haƙoransa kuwa kare ba ya tunkararsu.

Manomin da ɗalibin yake tausayi ma bai huta ba. Garken birai ba ya sanin iyakar gandun daji. Yana faɗa wa gonar masara da doya da gyaɗa, ya ɗauki kaza ko ɗan akuya, kuma a wasu ƙauyuka sai a tsare yara a gida su yi gadin gona maimakon zuwa makaranta. Yawan cuɗanya a gona da wurin ɗiban ruwa kuma ya ƙara tsutsar ciki a jikin biran da jikin mutanen. Duk wanda ya bi hanyar Akosombo ya wuce ta Shai Hills ya ga yadda suke zaune a bakin titi suna jiran abin da za a jefo daga mota, ba tsoron kowa.

Yaya damisa ke riƙe da birai alhali ba ta cinsu kullum? Hanya biyu ce, kuma yana da kyau ɗalibai su bambanta su. Ta farko ita ce kisa, wadda lissafi ke fayyace ta. Ki ɗauki misali na kan allo kawai: garke mai birai 60, a shekara ana haihuwar 9 da ke rayuwa, ciwo da tsufa da faɗa suna ɗauke 4, zaki da damisa suna ɗauke 5. Garken yana nan a 60 shekara da shekaru, kuma wanda ya duba zai ce mafarauta ba sa yin komai, biyar kacal a wata goma sha biyu. Cire su. Yanzu garken yana ƙaruwa da kusan 8 cikin 100 a shekara. Shekarar farko 65, ta biyu 70, ta uku 76, ba wanda zai lura. A shekara ta tara ya kai wajen 120, a ta goma sha takwas wajen 240, ya rabu gida uku ko huɗu, kowane yana neman filinsa. Wannan jinkirin shi ke ruɗar mutane. Lokacin da ɓarnar gona ta ishi kowa, yaron da aka haifa ranar da aka kashe damisar ƙarshe ya gama sakandare, kuma ba mai haɗa abubuwan biyu.

Hanya ta biyu ita ce tsoro. Damisa da dare take farautar birai, a wurin kwanansu. Saboda haka inda take, dole garke ya kwana a kan tsauni mai santsi ko doguwar bishiya, ya koma can kafin duhu, kuma ba zai yi nisan da ba zai iya dawowa ba. Yawan wuraren kwana masu aminci shi ke iyakance inda birai za su zauna. In damisa ta tafi, kowace bishiya ta zama ɗaki, har da ta bakin gona. An gwada wannan hanya ta tsoro kai tsaye a gandun dajin Gorongosa na Mozambik, inda yaƙin basasar 1977 zuwa 1992 ya ƙarar da damisa da kyarkeci. Mazo, wanda kowa ya sani da laɓewa cikin duhuwa, sai ya fito fili fetal yana kiwo, har ya hana wani tsiro na fadamar girma. Masu bincike suka sa lasifika tana kukan damisa, suka zuba kashi da ƙamshin fitsarin maciya nama. Mazon da ke fili ya ja da baya zuwa wajen bishiyoyi, alhali ba a kashe ko ɗaya ba.

A nan ne ya kamata malami ya yi taka-tsantsan, domin labarin Ghana bai kai gwajin Paine ƙarfi ba, kuma ɗalibi mai kaifin kai zai iya gane haka. Paine da hannunsa ya cire abu ɗaya ya bar sauran. A gandayenmu abubuwa da yawa ne suka canza a shekarun nan tare. Gonaki sun matso har bakin iyaka, kuma masara abinci ce mai ƙarfi: an ga a Kenya da Gashaka ta Najeriya cewa macen gwaggon biri da ke cin amfanin gona ko juji tana sake haihuwa da wuri fiye da mai cin na daji zalla. Ke nan birai za su iya ƙaruwa saboda abinci daga ƙasa, ko da damisa na nan. Ƙananan dabbobin kuma mafarauta mutane suna kwasarsu zuwa kasuwa, wanda duk ya leƙa kasuwar naman daji ta Atwemonom a Kumasi ya sani. Shi kansa Brashares ya nuna daga waɗannan littattafai cewa a shekarun da kifi ya yi ƙaranci a teku, farautar daji takan ƙaru. Sannan littafin sintiri yana rubuta abin da ido ya gani da rana ne. Biri mai hayaniya da ya daina tsoron mutum ya fi shiga littafi fiye da damisar da ke kwance a kan reshe. Da aka ɗaura kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu a gandun dajin Mole tsakanin 2006 da 2009, sun kama damisa da kura da wasu masu yawon dare da sintiri ba ya yawan gani, amma ba su kama zaki ko ɗaya ba.

Abin da ya sa duk da haka ake ɗaukar bayanin da muhimmanci shi ne kwatancen da ke cikinsa. Gonaki da farauta sun shafi gandayen duka shida, amma bunƙasar birai ta fi bin inda zaki da damisa suka ƙare. Wannan ita ce tambayar farko da za a yi wa duk wanda ya zo da labarin gangara: ina wurin da bai rasa mafaraucin ba, kuma me ya faru a can? Tambaya ta biyu ita ce jerin lokaci, wato raguwar mafarauci ta riga, ƙaruwar na tsakiya ta biyo baya da jinkirin da ya dace da saurin haihuwarsa, sannan hawa na uku. In birai sun fara yawa tun zakuna na nan da ƙarfinsu, labarin ya faɗi. Ta uku, a ga mahaɗin da ido: gashin biri a kashin damisa, gashin ɗan gada da ɓawon ƙwai a kashin biri. Alama mai sauƙi ta raba gangara da yunwa kuwa ita ce, in fari ko gobara ce ta taɓa daji daga ƙasa, duk hawa suna raguwa tare. In daga sama abin ya zo, sai ki ga ragi, ƙari, ragi.

Ɗalibanki za su kawo miki labarin kyarkecin Yellowstone, domin yana yawo a wayoyi, kuma a can ne aka fi zuzuta abin. Kyarkecin can wani ne daban da namu na Afirka, babba ne mai zama a ƙasar sanyi. An kashe na ƙarshe a gandun a 1926. Abincinsa wata babbar barewa ce mai ƙaho mai rassa, wadda bayan an daina rage ta da bindiga a 1968 garkenta na arewacin gandun ya kai wajen 19,000. Ta cinye tohon wani itace mai son ruwa da ke fitowa a bakin rafi, ta hana shi wuce gwiwa ko ƙugu. Wannan ita ce cikakkiyar gangara mai hawa uku har zuwa tsiro. Amma akwai hawa na huɗu a gefe. Wata dabbar ruwa mai kama da ƙaton gyazbi mai faffaɗar jela tana sare wannan itace ta ci, ta kuma datse rafi da shi. Datsin yana tare ruwa ya jiƙa ƙasar gefe, itacen ya sami damshin da yake so. Da itacen ya ƙare, dabbar ta bar ƙananan rafukan, datsin ya rushe, ruwa ya riƙa gudu yana zaizaye gindinsa har rafin ya nitse cikin kwari, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya bi shi ƙasa inda saiwa ba ta kai.

A 1995 da 1996 aka kawo kyarkeci 31 daga Kanada. Zuwa 2013 ƙidayar barewar ta sauko wajen 4,000. Labarin waya a nan yake tsayawa ya ce komai ya dawo, har rafuka sun canza hanya. Abu biyu yake tsallakewa. Na farko, kyarkeci ba shi kaɗai ya rage barewar ba, akwai maharba masu lasisi a wajen gandun, akwai beyar da wata damisar duwatsu da suka ƙaru a lokacin, akwai kuma shekarun fari. Na biyu ya fi muhimmanci. Daga 2001 masana daga jami'ar jihar Colorado suka kafa gwaji na shekara ashirin a bakin ƙananan rafuka, gida huɗu: wani wuri shinge kawai don hana barewa, wani datsin ruwa kawai, wani shinge da datsi, wani ba komai. Itacen ya fi girma inda aka haɗa shinge da datsi, inda ba a yi komai ba kuwa ya zauna gajere duk da kyarkeci na yawo a wurin. Akwai wuraren da itacen ya farfaɗo sosai, musamman inda ruwa bai nitse ba, kuma masana suna ta jayayya a kan girman farfaɗowar. Amma gwajin ya nuna cewa rage mai ci bai isa ba idan ƙasar kanta ta canza. Itacen yana jiran datsi, mai datsin yana jiran itace.

A ganina wannan ya fi komai amfani ga ɗalibin Ghana, domin mutane suna ɗauka cewa abin da cirewa ta ɓata, mayarwa za ta gyara. Ki auna da Mole, wadda ta haura murabba'in kilomita 4,500. Binciken da aka buga a 2014 ya ƙiyasta zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma duka wajen 400, a wurare huɗu kawai: Niokolo-Koba a Senegal, dajin W da Arli da Pendjari da ke tsakanin Benin da Burkina da Nijar, sai Kainji da Yankari a Najeriya. A ce an kawo zakuna goma Mole gobe. Bisa lissafin da muka yi, suna bukatar nama a raye kusan tan 170, kuma in tarkon waya bai ragu ba, ko dai su faɗa ciki ko yunwa ta tura su kan shanun makiyaya, a sa musu guba a mushe, ungulu da kura su ci su mutu tare da su. Biran da suka koyi masara kuma ba za su manta da ita ba don sun ji gurnani. Shi ya sa masu wannan aiki suke fara da cire tarko da dawo da dabbobin ci, da sasantawa da ƙauyukan gefe a kan dabbobinsu, kafin a yi maganar mafarauci. Dokar hana farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, lokacin da yawancin namun daji ke da ciki ko goyo, tana cikin wannan gyara na ƙasan tsani.

Idan kina son su ga wani ɓangare da idonsu, akuyoyin unguwa sun isa. A farkon damina, wajen Afrilu, ki auna filaye masu mita 2 kowane gefe a inda awaki ke shiga harabar makaranta. Ki yi su biyu-biyu, aƙalla tagwaye uku, kowane tagwaye a ƙasa iri ɗaya da inuwa iri ɗaya. A jefa kwabo a zaɓi wanda za a kewaye, kada a zaɓa da ido, domin ido zai zaɓi wanda ya fi kore. A kewaye shi da ragar waya mai tsawon kamar mita 1.2, a danne gindinta da duwatsu, ɗayan kuma a kafa masa turaku huɗu kawai. A ƙirga duk ƙananan bishiyoyin da suka tsiro a auna tsawonsu tun ranar farko, sannan kowane sati biyu har ƙarshen Yuli. Shingen yana tsaye ne a madadin mafarauci, yana hana mai cin ganye sakewa.

Kurakuran da ke ɓata wannan gwaji sanannu ne. Fili ɗaya da kishiyarsa ɗaya ba sa nuna komai, domin wataƙila ɗayan yana ƙarƙashin indararo. Yara suna son auna tsiron da ya fi tsayi su bar sauran, kuma an yi wa wasu binciken Yellowstone wannan sukar, cewa auna dogayen kaɗai yana ƙara wa farfaɗowa gishiri. A auna duka, ko a ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa a auna duk wanda ya taɓa zaren. A hana zuba wa na cikin shinge ruwa don tausayi. Kaji da ɓeraye suna shiga ta ƙasan raga, saboda haka in aka ga an yanke toho a cikin shinge, a duba bakin yankan: haƙorin ɓera yana yanka sumul a karkace kamar da wuƙa, akuya kuwa ba ta da haƙoran gaba a sama, fizga take yi ta bar bakin a yage. Kuma ki gaya musu tun farko cewa wannan gwaji hawa biyu na ƙasa kawai yake nunawa, mai cin ganye da ganye. Hawan sama sai su ɗauko shi daga littattafan sintirin gandayenmu da dutsen Paine, su jera alamomin ragi da ƙari da kansu a kan allo.